Harafin da Ke Cinye Katin Waya

A ce sakataren wata ƙungiyar unguwa ne zai sanar da mambobi cewa an sauya ranar taro. Ya ɗauki waya ya rubuta: "Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ana sanar da dukkan mambobin ƙungiya cewa taron da aka shirya yi ranar Asabar an ɗage shi zuwa ranar Lahadi da ƙarfe 4 na yamma a gidan mai unguwa. Don Allah kowa ya zo da kuɗin wata. Mun gode." A ganinsa tes ɗaya ya tura, amma kamfanin waya kuɗin tes biyar zai cire masa a kan kowane mutum.

Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, kuma a lissafin waya tazarar da ke tsakanin kalmomi harafi ce, aya da waƙafi ma haka. Wani injiniya Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, na cikin waɗanda suka tsayar da wannan adadi wajen shekarar 1985, bayan ya yi ta buga jimloli a tafireta yana ƙirgawa, ya ga yawancinsu ba sa wuce hakan. Idan saƙo ya zarce, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta ɗauki 153, domin gurbin haruffa bakwai yana tafiya ne wajen bayanin da zai sake haɗa su a wayar mai karɓa.

To, saƙon sakatare haruffa 276 ne, wato gunduwa biyu. Ina sauran ukun suka fito?

Daga ƙugiya suka fito. Jerin haruffan da aka tanadar wa wayoyin GSM na harsunan Yammacin Turai ne, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ciki. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga, waya kan mayar da saƙon dukansa kan wani tsari da kowane harafi ke cin wuri fiye da ninki biyu. Nan take 160 ya koma 70, gunduwa kuma ta koma 67. Alamar ₦ da 'yan hotunan nan na dariya da kuka su ma haka suke yi. Wayoyi da yawa suna nuna lissafin a gefen wurin rubutu, kuma duk wanda ya ga ragowar haruffa ta faɗi farat ɗaya, to irin wannan harafi ne ya shigo.

Dabarar da kowa ya sani ita ce a zubar da ƙugiyar. Sau da yawa mai karatu yana ganewa, amma ba kullum ba. "An dage" ba "an ɗage" ba ne: na farko nacewa ne a kan abu, na biyu jinkirta shi. Wanda ya karanta "an dage taron Asabar" a gurguje yana iya zuwa ranar Asabar ɗin ya tarar ba kowa. Ya fi muni idan aka haɗe kalmomi don a rage tazara. "Ya bata kudin" yana iya zama ya ba ta kuɗin, yana iya zama ya ɓata su, kuma tsakanin 'yan uwa wannan kaɗai ya isa ya ta da husuma.

Abin da ya fi shi ne a nemi wata kalmar da ba ta da ƙugiya, sannan a rage abin da mai karɓa ya riga ya sani. Mambobi sun san su mambobi ne, ba sai an gaya musu ba. "Na yamma" ya wadatar ba tare da "ƙarfe" ba, kuma "ya koma" ya yi aikin "an ɗage shi zuwa". Ga yadda saƙon zai kasance: "Assalamu alaikum. Taron Asabar ya koma Lahadi, 4 na yamma, gidan mai unguwa. Don Allah a zo da gudummawar wata. Sakatare". Haruffa 120, tes ɗaya. Sallama tana nan, "don Allah" yana nan, domin saƙon da aka aika wa dattawa babu su ya zama umarni, kuma wannan asara ce da rarar naira kaɗan ba ta biya. Rana, lokaci, wuri da sunan mai aikawa su ma ba a taɓa su, haka nan "ba" ta biyu a jimlar korewa, komai ƙarancin wuri.

A shafin X, wanda iyakarsa ta kasance haruffa 140 tun yana Twitter, aka ninka zuwa 280 a 2017, ƙugiya ba ta da wannan tsada: ƙ harafi ɗaya ne kamar k. Can sakatare yana iya rubuta "an ɗage" da ƙugiyarsa, sai dai ya tanadi gurbin haruffa 23 idan zai liƙa adireshin intanet, komai tsawonsa ko gajartarsa.