Ganyen alayyahunka ya huje? Duba irin cizon kafin ka nemi magani

Ka yi ɗan fangali a bayan gida, ka zuba alayyahu, ka dasa kuɓewa gindi goma da ɗan tumatir. Sati uku komai na tafiya lafiya lau. Wata safiya ka fito da bokitin ban ruwa, sai ka tarar ganyen alayyahun duk huji, tohon kuɓewar kuma ya nannaɗe yana ƙyalli kamar an shafa masa zuma. Abin da ke fara zuwa ran yawancinmu shi ne a aiki yaro kasuwa ya sayo maganin ƙwari. To, dakata tukuna. Ƙwari ukun da suka fi damun irin wannan lambu, wato tsutsa da darɓa da fara, ba iri ɗaya suke cin abinci ba, kuma yadda ƙwaro ke ci shi ke nuna abin da zai yi maganinsa.

Tsutsa da fara taunawa suke yi. Darɓa kuwa ba ta da abin tauna, bakinta kamar siririyar allura ne, tana soka shi cikin ganye ta zuƙe ruwan. Saboda haka idan ka ga huji, cire darɓa daga lissafi. Saura ka raba tsakanin sauran biyun. Juya ganyen ka duba bayansa, ka kuma duba ƙasa. In ka ga ƙananan ɗigo baƙaƙe ko koraye masu duhu, kashin tsutsa ne, kuma tana nan kusa ko da idonka bai kai gare ta ba. A alayyahu sau da yawa za ka tarar ta naɗe ganye da wani zare kamar yanar gizo ta ɓuya a ciki. Fara ita kuma ta fi ci daga gefen ganye, ta bar shi a yayyage, ta yi tsalle ta ƙara gaba.

Mu fara da darɓa, don ita ce mutane suka fi raina wa, kuma ita ta fi saurin fin ƙarfin mai lambu. Ƙwari ne ƙanana da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, wasu koraye, wasu baƙaƙe, na kabeji kuma kamar an barbaɗa musu toka. A irin yanayinmu mai ɗumi macen ba ta buƙatar namiji, ba ta ma tsayawa yin ƙwai: 'ya'ya take haifa kai tsaye, su ma mata. Cikin kamar sati guda 'yar da aka haifa ta girma ta fara haihuwar nata. Shi ya sa 'yan ƙwayoyin da ka gani ran Asabar ka ce ba komai, kafin sati biyu sun lulluɓe toho.

Ƙyallin nan mai danƙo rarar sukari ne da darɓa ke fitarwa, domin ruwan ganye ya fi yawan sukari a kan abin da jikinta ke buƙata. A kansa ne wata baƙar fumfuna ke fitowa har ganye ya yi kamar an shafa masa kunkunniya. Shi ne kuma ke jawo tururuwa. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin kuɓewa, bi sawunta, za ta kai ka inda darɓar take. Ba cin darɓar take yi ba, kiwonta take, tana shan zaƙin tana korar ƙwarin da ke son cinye ta. Wata illar da ba a gani da ido ita ce cuta: darɓa na ɗaukar ƙwayoyin cutar bairos daga wannan tsiro zuwa wancan. Ita ce ta yaɗa cutar da ta durƙusar da gyaɗa a arewacin Nijeriya a 1975. Tsiron da ya riga ya kamu, ganyensa ya yi dabbare-dabbare ya tsumbure, ba feshin da zai warkar da shi, sai dai a tumɓuke.

Maganin darɓa mafi araha yana nan a banɗakinka. Kankare sabulun sanda kamar giram 10, wato wajen cikin babban cokali ɗaya, ka narkar a lita ɗaya ta ruwa. Jikin darɓa laushi ne da shi, sabulu na lalata siririn maiƙon da ke rufe fatarta, sai ta bushe ta mutu. Amma sai ruwan ya taɓa jikinta. Da zarar ya bushe a kan ganye aikinsa ya ƙare. Nan ne akasarin mutane ke kuskure: su fesa saman ganye ya jiƙe sharkaf, alhali darɓar na ƙarƙashi ko a jikinta. Ɗaga ganyen ka fesa daga ƙasa, ka kuma maimaita bayan kwana uku ko huɗu saboda waɗanda suka tsira. Kar ka yi amfani da omo, yana ƙona ganye. Ko sabulun sandar ma gwada shi a ganye biyu ko uku, ka jira kwana ɗaya ka gani, kuma ban da fesawa da tsakar rana. In kana yawan zuba takin yuriya don ganye ya yi kore shar, ka sani wannan lallausan tohon shi darɓa ta fi so. Rage hannu.

Kafin ka fesa komai, tsaya ka ƙare wa tarin darɓar kallo. In ka ga wani ƙwaro ɗan kewayayye, ja ko ruwan lemo mai ɗigon baƙi, ko ɗansa mai kama da ƙanƙanin kada, ma'aikatanka ne, darɓa suke ci. Maganin kasuwa mai ƙarfi yana kashe su tare da darɓar, kuma da yake darɓa ta fi su saurin haihuwa, ita ke fara dawowa, ta tarar ba mai taɓa ta.

Tsutsa kuwa 'yar malam-buɗe-littafi ce, galibi irin masu yawon dare. Uwar ta zo ta ajiye ƙwai a bayan ganye, cikin 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kusan duk ɓarnar da tsutsa ke yi a kwanakinta na ƙarshe take yin ta, bayan ta yi girma. Tana ƙarama ɗan kankarar ganye kawai take, ta bar wani wuri shara-shara. In ka kama ta a nan ka huta. A fangali biyu ko uku, gaskiya babu abin da ya kai hannu: da sassafe ko dab da magariba ka bi ganye ɗaya bayan ɗaya, ka tsince ta ka watsa wa kaji, ka murƙushe ƙwan da ka gani. Minti goma, sau uku a sati. Idan kuma ka tarar da dashen tumatir a yanke daga gindi kamar an sa reza, tona ƙasar da ke kewaye da yatsa. Akwai wata tsutsa mai ruwan ƙasa da ke kwana a nan da rana, ta fito aiki da dare.

In abin ya fi ƙarfin tsinta, sai a koma ga dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da farin ɗango suka sauka. Ya lura sun cinye kusan duk wani kore, amma sun bar dogon yaro. A 1968 masu bincike a Ingila suka ware sinadarin da ke sa haka, aka sa masa suna azadiraktin. Yana sa ƙwaro ya ƙi cin ganyen, wanda ya ci kuma ya kasa saɓa fata, alhali tsutsa ba ta girma sai ta saɓa. Sinadarin ya fi yawa a ƙwayar 'ya'yan. Ganyen da mutane suka fi jiƙawa ƙarfinsa bai kai ba.

Mu ɗauka fangali uku gare ka, kowanne tsawon mita biyu da faɗin mita ɗaya. Lita biyu ta ishe ka feshi ɗaya. Tsinto nunannun 'ya'yan da suka faɗo, ka wanke naman, ka shanya a inuwa har su bushe, ka zubar da duk wanda ya yi fumfuna. Fasa ɓawon ka fitar da ƙwayar. Ma'aunin shi ne giram 50 a kowace lita, ke nan giram 100 kake buƙata. In ba ka da sikeli, kai wa mai shago ya auna maka sau ɗaya, ka zuba a gwangwani ka yi alama, ka gama da wannan matsalar. Daka ƙwayar, amma ba a turmin abinci ba, don ɗacin ba ya fita. Jiƙa ta da yamma ta kwana, washegari ka tace da ƙyalle mai laushi don kar ta toshe bakin abin feshi, ka ƙara ɗan sabulu kaɗan don ruwan ya kama ganye. Gorar ruwa da aka huda murfinta da allura ma ta wadatar. Fesa da yamma, domin hasken rana na lalata sinadarin, kuma lokacin ƙudan zuma sun koma. Abin da ya rage kar ka ajiye, yana lalacewa, kuma kar ka bar shi inda yara za su kai hannu.

Washegari za ka fito ka tarar da tsutsar nan da ranta, ka ce aikin banza. A nan da yawa ke karaya. Kar ka ƙirga gawa, duba sabon toho. In bayan kwana uku ganyen da ke fitowa ba huji, kashin nan ya ragu, tsutsar ta yi laƙwas, maganin ya kama. Maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai, ko da zarar ruwan sama ya wanke. In kuwa sabon huji na ƙaruwa, ɗayan uku ne: ƙwayar ta tsufa ta haura shekara, ko ba ka kai bayan ganye ba, ko tsutsar ta riga ta girma, sai hannu.

Fara tata matsalar daban ce, domin baƙuwa ce. Tsutsa da darɓa a kan tsironka suke tashi, ita kuwa a ƙasa take ƙwai, a ciyawar da ke kewaye take girma. Ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ciyawa ta bushe, lambunka ya zama shi kaɗai ne kore a unguwar, sai ta nufo shi. Ko ka kashe ta yau, gobe wata za ta shigo. Ruwan dogon yaro na rage mata sha'awar ci, musamman ƙananan da ba su yi fiffike ba, amma abin da ya fi aiki shi ne shamaki. Share ciyawar da ke jikin fangalin, ka kafa sanduna ka lulluɓa tsohon gidan sauro da aka wanke, ka danne gefensa da duwatsu, ba tare da ya kwanta a kan ganye ba. Da sanyin asuba kuma jikin fara a mace yake, da hannu ma kana kama ta. Wadda aka kama inda aka yi feshin maganin kasuwa kar a soya ta, kar a ba kaji.

Akwai inda duk waɗannan dabaru ke tsayawa. Tsutsar da ta riga ta huda tumatir ko kuɓewa ta shige ciki, ba sabulun da zai kai gare ta, ba dogon yaro. Tsinke 'ya'yan da suka huje ka binne su da zurfi, don in ka yar a gindin, tsutsar za ta sauka ƙasa ta rikiɗe ta dawo ta sake ƙwai. Fiya-fiya da sauran magungunan sauro da kyankyaso kuwa ba a yi su don ganyen da za a sa a miya ba. Alayyahun da ka fesa wa dogon yaro ma, ba shi kwana uku kafin ka yanka, ka wanke shi da kyau, in ba haka ba za a ji ɗacin a tukunya.