Dalilin da Excel ke Mayar da Kwanan Wata Lamba ko Rubutu, da Yadda Ake Gyarawa

Excel ba ya ajiye kwanan wata yadda mutum ke karanta shi. Lamba yake ajiyewa, wato adadin kwanakin da aka ƙirga tun daga farkon shekarar 1900. A wurinsa 1 ga Janairu 1900 ita ce 1, washegari 2, haka ƙirgen ke tafiya har zuwa yau. Ranar 1 ga Janairu 2025 ita ce 45658, 3 ga Afrilu 2025 kuma 45750. Sa'o'i ma a cikin lambar suke, a bayan ɗigo: rabin yini 0.5 ne, don haka 45750.5 na nufin sha biyun rana ta 3 ga Afrilu. Wannan ne ya sa ake iya cire wata rana daga wata a san kwana nawa bashi ya yi a hannun wanda ya ci shi, ko a ƙara 30 a sami ranar biya.

Abin da ido ke gani a gurbi, kamar 03/04/2025 ko 3-Apr-25, riga ce kawai da aka sa wa lambar. Duk matsalar kwanan wata a Excel iri biyu ce: ko dai lambar tana nan lafiya rigar ce ta cire, ko kuma babu lambar tun farko, rubutu ne zalla mai kama da kwanan wata. Maganin ɗayar ba ya yi wa ɗayar aiki, shi ya sa ake fara bincika wacce ce kafin a taɓa komai.

Ta farkon ba ta da wuya. Mutum ya kwafo kwanan wata ya liƙa ta Paste Values, ko ya share tsarin gurbin da Clear Formats, sai ya tarar da 45750 a inda ya bar kwanan wata. Babu abin da ya ɓata. Tsarin gurbin ne ya koma General ko Number. Sai a zaɓi guraben, a danna Ctrl+1, a zaɓi Date a akwatin Format Cells, a ɗauki salon da ake so. Wanda ke son rana ta riƙa zuwa kafin wata a kowace kwamfuta zai iya shiga Custom ya rubuta dd-mmm-yyyy, wanda ke nuna sunan watan da haruffa, kuma ya fi kowane salo kawar da ruɗani. Idan gurbin ya cika da #### bayan haka, galibi faɗinsa ne bai isa ba, a ja shi ya buɗe. Haka nan idan aka haɗa kwanan wata da kalmomi a fomula, lambar ce ke fitowa tsirara, sai an naɗe ta da TEXT:

```
="Ranar biya: "&TEXT(A2,"dd/mm/yyyy")
```

Ta biyun ita ce mai ba da ciwon kai. A nan gurbin yana nuna 25/04/2025 tsaf, amma Excel bai ɗauke shi kwanan wata ba. Alamar farko ita ce inda ya jingina: idan ba a taɓa daidaitawar gurbi ba, lamba da kwanan wata na gaskiya suna manne wa dama, rubutu kuwa hagu. Ta biyu, a danna Ctrl+1 a mayar da shi General. Na gaskiya zai rikiɗe ya zama lamba mai alƙaluma biyar, na jabu ba zai motsa ba. Ta uku ita ce mafi tabbaci, a rubuta wannan a gurbin da ke kusa, a ja shi ƙasa:

```
=ISNUMBER(A2)
```

TRUE na nufin kwanan wata ne na gaskiya, FALSE kuma rubutu. Da yawa kan ɓata lokaci a nan, suna ta zaɓar Date a Format Cells suna jiran canji. Ba zai zo ba, domin tsari yana sauya yadda ake nuna lamba ne kawai, ba ya mayar da rubutu lamba.

Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne. Wani lokaci an riga an sa wa gurbin tsarin Text kafin a yi rubutu a ciki, ko an fara da alamar ' wadda ke umartar Excel ya bar abin yadda yake. Wani lokaci ɗigo aka sa tsakanin rana da wata, kamar 25.04.2025, wanda kwamfutar da aka saita da Turanci ba ta ɗauka kwanan wata. Bayanan da aka kwafo daga intanet ko daga wata manhajar lissafi sukan zo da ɓoyayyen fili a gaba ko a baya. Ranakun da suka gabaci 1900 kuwa, Excel ba shi da lambar da zai ba su, don haka rubutu suke zama ko me aka yi. Amma babban mai laifi shi ne saɓanin jerin rana da wata.

A Najeriya, Nijar, Ghana da Birtaniya rana ake fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara. A Amurka wata ne farko. Excel ba ya duba ƙasar da mai aiki yake zaune. Saitin yanki na Windows yake bi, kuma kwamfutoci da yawa suna nan a kan English (United States) yadda aka ɗora musu tun farko, ba wanda ya sauya.

A ɗauki misalin mai shago da ya sauke bayanan cinikinsa na watan Afrilu 2025 a fayil ɗin CSV, kwanakin an rubuta su daga 01/04/2025 zuwa 30/04/2025. CSV rubutu ne zalla, ba ya ɗauke da wani bayani a kan wane ne rana wane ne wata. Da ya danna fayil ɗin sau biyu ya buɗe a kwamfuta mai saitin Amurka, Excel zai bi guraben ɗaya bayan ɗaya yana fassarawa. Zai karanta 01/04/2025 a matsayin 4 ga Janairu, 02/04/2025 4 ga Fabrairu, 03/04/2025 4 ga Maris, wato 45720 maimakon 45750. Haka zai yi ta tafiya har 12/04/2025, wadda za ta zama 4 ga Disamba. Da ya iso 13/04/2025 sai ya tsaya, tunda babu wata na sha uku, ya bar ta rubutu, ita da duk waɗanda suka biyo ta har ƙarshen wata.

Sakamakon shi ne layi ɗaya mai kashi biyu: kwana sha biyu suna jingine a dama, sha takwas a hagu. A cikin talatin ɗin nan, 04/04/2025 kaɗai ta tsira, don ko ta ina aka karanta ta abu ɗaya ne. Idan mai shagon ya nemi jimlar cinikin Afrilu da SUMIFS, daga 1 zuwa 30 ga wata, cinikin rana guda zai samu, kuma babu wani gargaɗi da zai fito. Abin lura shi ne waɗanda suka zama rubutu ba su ne masu haɗari ba, domin suna tona kansu: sukan ƙi jeruwa daidai, kuma da an yi lissafi da su sai #VALUE! ta bayyana. Na dama su ne abin tsoro. ISNUMBER zai ce TRUE, lissafi zai tafi sumul, alhali an watsa cinikin kwana sha ɗaya cikin wasu watanni.

Gyaran da ya fi inganci shi ne a rufe fayil ɗin ba tare da an adana ba, a shigo da shi ta ƙofar da ke ba da damar faɗa wa Excel jerin da aka bi. A sababbin Excel, a buɗe littafi fanko, a je Data, a zaɓi From Text/CSV, a nuna fayil ɗin, a danna Transform Data. A gefen dama, idan akwai matakin Changed Type da manhajar ta sa da kanta, a goge shi don kwanakin su koma rubutunsu na asali. Sannan a danna kan layin kwanakin da maɓallin dama, a bi Change Type zuwa Using Locale, a zaɓi Date, a zaɓi English (United Kingdom), a ƙarasa da Close & Load. Dukan talatin za su shigo daidai. Kashedin kar a adana ba na wasa ba ne: wanda ya adana CSV bayan Excel ya fassara shi ya rubuta kuskuren a kan asalin.

Idan asalin ya riga ya salwanta, sai layin mai kashi biyu kawai ya rage, fomula ɗaya na iya ceto shi, muddin an tabbata duk kwanakin rana-kafin-wata aka rubuta su:

```
=IF(ISNUMBER(A2),DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2)),
DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2)))
```

Rabin farko yana kama waɗanda aka juya ya musanya musu rana da wata. Rabi na biyu yana yanka rubutun gida uku, huɗun ƙarshe shekara, biyun tsakiya wata, biyun farko rana, ya gina kwanan wata na gaskiya. Sharaɗinsa shi ne rubutun ya cika alƙaluma goma cif, babu sa'a a bayansa, babu fili. Bayan an ja shi ƙasa, sai a kwafe sakamakon, a liƙa ta Paste Values, a sa masa tsarin Date. A Nijar da sauran wuraren da ake aiki da Excel na Faransanci, sunayen fomula daban ne, ISNUMBER shi ne ESTNUM, kuma alamar ; ake sawa a madadin waƙafi.

Inda layin gaba ɗaya rubutu ne, babu gauraye, hanya mafi sauri ita ce Text to Columns a ƙarƙashin Data. A zaɓi layin, a bar Delimited, a danna Next sau biyu, a mataki na uku a zaɓi Date. Abin da ake zaɓa a nan shi ne jerin da rubutun ya zo da shi, ba wanda ake son gani ba: DMY ga 25/04/2025, YMD ga 20250425. Masu ɗigo ma wannan hanyar tana karɓar su. Ana yawan ambaton DATEVALUE, amma ita ma saitin kwamfutar take bi, don haka a kan saitin Amurka #VALUE! za ta bayar ga 25/04/2025, ta kuma juya 03/04/2025 ba tare da ta ce uffan ba. Ɓoyayyen fili kuwa TRIM na cire na yau da kullum, amma wanda ke zuwa daga intanet sai an fara musanya shi da SUBSTITUTE(A2,CHAR(160),"").

Don kada abin ya riƙa dawowa, a gyara tushen. A Windows, a shiga Control Panel, a buɗe Region, a mayar da Format zuwa English (United Kingdom) ko wani mai fara wa da rana. Wannan yana sauya yadda Excel zai karanta abin da za a rubuta ko a buɗe nan gaba, amma ba ya gyara abin da ya riga ya juya. A ofishin da fayil ke yawo tsakanin kwamfutoci, gara a riƙa rubuta shekara da alƙalumanta huɗu, domin a saitin da aka saba Excel na ɗaukar 00 zuwa 29 a matsayin 2000 zuwa 2029, 30 zuwa 99 kuma 1930 zuwa 1999. Wanda ya rubuta 01/01/30 yana nufin 2030 zai tarar da 1930. Jerin da ya fi aminci wajen aika CSV shi ne shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03, domin saitin Amurka da na Birtaniya duk 3 ga Afrilu suke karanta shi.