Farfaɗiya Iri-Iri Ce: Daga Mai Ɗauke Hankali Zuwa Mai Kayarwa Ƙasa

Da zarar an ambaci farfaɗiya, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne mutum kwance a ƙasa yana jijjiga, kumfa na fita daga bakinsa. Wannan nau'i ɗaya ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma da yawansu ciwon kan taso musu suna zaune ko suna tsaye, ba tare da sun faɗi ba.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan ƙaramin lantarki. Idan wasu daga cikinsu suka ɓarke da sakin lantarkin gaba ɗaya ba bisa tsari ba, ciwon ya tashi ke nan. Abin da ke raba nau'o'in shi ne inda ɓarkewar ta fara. A tsarin da ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta fitar a 2017, akwai wadda ke farawa a wuri guda cikin ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa, akwai wadda ke kama ɓarin dama da na hagu tun daga farko, sai kuma wadda ba a gano mafarinta ba.

Wadda ta fi ɓoyuwa ita ce mai ɗauke hankali, kuma tana cikin masu kama ɓari biyu. Ta fi samun yara 'yan shekara 4 zuwa 10. A ɗauki yarinya 'yar aji biyu tana karanta wa malama jimla. Sai ta yi cak a tsakiyar kalma, idanu a buɗe amma ba ta ganin kowa, wataƙila fatar idon na ɗan kaɗawa. A kira sunanta, a taɓa kafaɗarta, shiru. Bayan kamar daƙiƙa 10 sai ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba gajiya, ba ruɗewa, ba ta ma san wani abu ya faru ba. Hakan na iya maimaituwa sau da dama a yini guda, don haka darasi yake zuwa mata a gutsuttsure. Abin takaici, irin waɗannan yara sukan sha faɗa da bulala da sunan sakarci. Yaron da tunani ya ɗauke yakan zabura idan an taɓa shi, amma wannan ba ta zabura.

Likita na da hanya mai sauƙi ta gwadawa: ya sa yarinyar ta yi ta numfashi da ƙarfi na tsawon minti uku, wani lokaci ta hanyar hura takarda, sau da yawa kuwa sai ciwon ya taso a gabansa. Na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda likitan Jamus Hans Berger ya fara gwadawa a jikin ɗan Adam a 1924, tana nuna wani zane na musamman mai maimaituwa sau uku a kowace daƙiƙa. Yawancin yaran nan sukan rabu da ciwon kafin su gama balaga.

Akwai wata mai kama da ita a ido, amma asalinta daban ne. Tana farawa a wuri guda, galibi a sashen ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne, inda ake ajiye tunani da tuna baya. Likitan Landan John Hughlings Jackson ya rubuta labarin wani majinyacinsa a 1888, shi ma likita ne, wanda aka sani da Dakta Z. Ciwonsa kan fara da jin kamar abin da ke faruwa yanzu ya taɓa faruwa a da. Wata rana ya taso masa daidai lokacin da aka kawo masa wani yaro mai ciwon ƙirji. Da ya dawo hayyacinsa bai tuna ya duba yaron ba, sai ga shi a takarda ya rubuta cewa ciwon huhu ne a ƙasan huhun hagu, kuma da ya sake dubawa ya tarar haka ɗin ne. Bayan rasuwarsa an binciki ƙwaƙwalwarsa, aka sami ɗan ƙaramin tabo a wannan sashe, ta hagu.

Mai irin wannan yakan sami gargaɗi: wani abu ya taso daga ciki zuwa maƙogwaro, ko warin da babu shi, ko tsoro ba dalili. Sannan ya ƙura ido, yana tauna baki ko lasar leɓe, yana murza riga, wani ma ya tashi ya kama tafiya. Takan ɗauki rabin minti zuwa minti biyu, kuma bayanta mutum na zama a ruɗe na ɗan lokaci. Gargaɗin, da tsawon lokacin, da ruɗewar bayan nan, su ne suka raba ta da ta yarinyar can. A gidaje da yawa a ƙasar Hausa wannan ce ake cewa iska ce ko taɓin hankali, sai a yi shekaru ba a je asibiti ba.

Idan kuwa ɓarkewar ta fara a sashen da ke sarrafa motsi, mutum na iya kasancewa da hankalinsa yana kallon babban yatsansa na rawa, rawar ta hau hannu, ta kai fuska. A wasu lokuta takan bazu ta mamaye ƙwaƙwalwar duka.

Wasu nau'o'in gajeru ne ƙwarai. Akwai mai fizgar kafaɗa da hannuwa farat ɗaya, wadda ta fi samun matasa da safe bayan tashi daga barci, har kofin shayi ya suɓuce. Akwai wadda jiki ke saki kwatsam mutum ya zube.

Ta ƙarshe ita ce wadda kowa ya sani, kuma mataki biyu gare ta. Da farko jiki duka yana sandarewa na daƙiƙa 10 zuwa 20. Ƙarar da ake ji ba ta zafi ba ce, iska ce ƙirji ya matso ta maƙogwaron da ya tsuke. Sai jijjiga ta biyo baya, tana raguwa a hankali, duka dai cikin minti ɗaya zuwa uku. Mutum na iya cizon gefen harshe ko sakin fitsari, sannan barci mai nauyi da ciwon kai. Abin yi shi ne a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, a tallafe kansa, a juya shi kan gefe idan jijjigar ta lafa. Kada a danne shi, kada a cusa cokali a baki ko a ɗura masa wani abu. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Idan ta wuce minti biyar, ko ta sake tasowa kafin ya farfaɗo, a garzaya asibiti.

Sanin nau'in ne ke zaɓen magani. Kabamazafin yana aiki sosai ga wadda ke farawa a wuri guda, amma yana iya tsananta mai ɗauke hankali da mai fizga. Balfuro'et yana maganin waɗannan biyun, sai dai yana iya cutar da ɗan tayi, shi ya sa likitoci ke kaffa-kaffa da shi ga mata masu shekarun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina samun bugun idan an gano ciwon daidai an ba su maganin da ya dace. Da yake da wuya ciwon ya tashi a gaban likita, wanda ya gani da idonsa ya kamata ya raka majinyaci, ya faɗi yadda abin ya fara, ta wane ɓari, minti nawa ya ɗauka, da halin da mutumin ya shiga bayan nan. Idan akwai mai waya a kusa yayin da wani ke kula da shi, ɗan gajeren bidiyo tun daga farkon tashin yana taimaka wa likita ƙwarai.