Ko Kun Sani? Kwantena Ba Ta Cika Yadda Alƙalami Ya Ce

Ɗan kasuwar Rimaye da ke shigo da kaya daga China ta Apapa ya sani cewa cikin kwantena mai ƙafa 20 tsawonsa kusan santimita 590 ne, faɗinsa 235, tsayinsa 239. A ce katan ɗinsa 60 ne da 40 da 40. Raba girman cikin da na katan zai ba da 345, wai ai lissafi ba ya ƙarya. To amma katan ba ya lanƙwasuwa. In aka miƙar da gefen 60 bisa tsawo, 9×5×5 ne, wato 225. In aka tsayar da shi, 14×5×3, wato 210 kacal, domin hawa huɗu na neman 240, santimita ɗaya ya hana. A lissafa kowace kwanciya kafin a biya kuɗin jirgi.