Ninki Bisa Ninki: Tseren Lambobi Da Ranar Da Aka Yi Kunnen Doki

A ɗauki lambobi biyu, x da y, a ɗora musu wannan ƙa'ida: sabon x shi ne 2x + y, sabon y kuwa x + 2y. Idan aka fara da (1, 0) za a sami (2, 1). A sake bi da wannan ta cikin ƙa'idar, sai (5, 4) ya fito, daga nan (14, 13), sai (41, 40), sai (122, 121). Mai lura zai ga idan aka raba x da y, amsar tana ƙara kusantar 1. Idan kuma ya raba kowane x da wanda ya gabace shi, zai sami 2, da 2.5, da 2.8, da 2.93, da 2.98. Jerin ya doshi 3.

A wajen masana lissafi, wannan ƙa'ida matiris ce mai layi biyu, (2, 1) da (1, 2), lambobin da ake jerawa cikin baka kuma bekta. Akwai wasu bektoci na musamman waɗanda matiris ba ta sauya musu alkibla, sai dai ta ninka su da wani adadi. Irin wannan bekta ita ce bektar aigen, adadin kuma ƙimar aigen. Kalmar daga Jamusanci take, ma'anarta abin da yake na mutum na kansa. Maimaita ninkin da aka yi a sama shi ne dabarar ninki bisa ninki, wadda Richard von Mises da Hilda Pollaczek-Geiringer suka yi bayaninta a shekarar 1929. Aikinta shi ne gano ƙimar aigen da ta fi kowace girma.

Me ya sa 3 ta fito? Matiris ɗin tana da bektocin aigen biyu. Tana mayar da (1, 1) zuwa (3, 3), wato ƙimarta 3. Tana barin (1, −1) yadda take, wato ƙimarta 1. Bektar da aka fara da ita, (1, 0), rabin ta farko ce a haɗe da rabin ta biyu. A kowane zagaye kashin farko yana ninkuwa sau uku, na biyu kuwa yana nan inda yake. Bayan zagaye huɗu, kashin farko ya kai (40.5, 40.5), na biyu har yanzu (0.5, −0.5), jimlarsu ke nan (41, 40). Ƙaramar ƙimar ba ta ɓace ba, babbar ce ta yi mata nisa. Sharaɗi guda shi ne bektar farawa ta ƙunshi wani kashi na babbar. Wanda ya fara da (1, −1) zai dawwama a kan 1, shi ya sa ake zaɓen lambobin farawa barkatai. A na'ura mai ƙwaƙwalwa kuma akan raba bektar da lambarta mafi girma a kowane zagaye don kada lambobin su fi ƙarfin ma'ajiya.

Wannan bayani shi ne ke nuna saurin dabarar. Abin da ke hukunta shi shi ne girman ƙima ta biyu idan aka raba shi da na ta farko, wato |λ₂| ÷ |λ₁|. Girma a nan yana nufin adadin ba tare da duban alamar ragi ba. A misalin da ya gabata rabon sulusi ne, don haka kowane zagaye yana mayar da kuskure kusan sulusin yadda yake. Tazarar da ke tsakanin amsoshin da 3 ta tabbatar da haka: 0.2, sai 0.071, sai 0.024. Domin kuskure ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin miliyan, zagaye 13 sun isa. Da rabon 0.9 ne, sai an yi kimanin zagaye 130. Da 0.99 ne, sai an yi kimanin 1,375. Dokin da ya fi na bayansa gudu da ɗan kaɗan, sai tsere ya yi nisa kafin a ga ratar.

To, ina batun ranar da aka yi kunnen doki, rabon ya zama 1 daidai? A ƙaddara wani ƙwaro mai rayuwar shekara biyu. Ƙanana, x, duk suna girma su zama manya bayan shekara guda. Manya, y, kowanne yana barin 'ya'ya huɗu ya mutu. Ƙa'idar ita ce: sabon x shi ne 4y, sabon y kuma x. Daga (1, 1) za a sami (4, 1), sai (4, 4), sai (16, 4), sai (16, 16). Rabon x da na gabansa yana tafiya 4, 1, 4, 1, har abada. Ƙimomin aigen na wannan matiris 2 ne da −2, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ta bayyana a jerin. Girmansu ɗaya, saboda haka babu mai rinjayar wata. Kashin −2 yana sauya alama a kowane zagaye, yau ya ƙaru a kan ɗan'uwansa, gobe ya ragu daga gare shi.

Akwai tarko a nan. Wanda ke duba amsa bayan kowane zagaye biyu zai ga (1, 1), (4, 4), (16, 16), ya ɗauka an zauna. Gwajin da ba ya yaudara shi ne a bi da bektar sau ɗaya ta cikin matiris, a duba ko abin da ya fito ninkinta ne. A nan (1, 1) ta ba da (4, 1), wadda ba ninkinta ba ce.

Maganin wannan yanayi shi ne gusarwa. Idan aka ƙara 1 a kan lambobin da ke kan layin kusurwa na matiris, kowace ƙima tana ƙaruwa da 1, bektocin aigen kuma ba sa sauyawa. Ƙa'idar ta koma x + 4y da x + y, ƙimomin kuma 3 da −1. Daga (1, 1) sai (5, 2), (13, 7), (41, 20), (121, 61), (365, 182). Rabon ya zama 5, 2.6, 3.15, 2.95, 3.02, yana tsallake 3 gaba da baya saboda alamar ragin ƙima ta biyu. A ɗebe 1 ɗin da aka ƙara, saura 2. Bektar kuma ta doshi (2, 1), wato ƙanana biyu ga kowane babba guda, tsarin da zai sa yawan ƙwarin ya riƙa ninkuwa sau biyu a shekara ba hawa da sauka.

Ba kowane kunnen doki ne wannan magani ke warwarewa ba. Ƙa'idar da ke mayar da (x, y) zuwa (−y, x) tana juya bekta kwatan da'ira: (1, 0), (0, 1), (−1, 0), (0, −1), ta dawo mafari. Ƙimominta i ne da −i, inda i × i = −1. Ƙara musu kowace lamba ta yau da kullum yana barin girmansu daidai da juna, don haka sai an koma ga dabarun da ke bibiyar bektoci biyu ko fiye a lokaci guda.

Yanayi na uku ya fi sauƙi. Idan babbar ƙima ta maimaitu da alama iri ɗaya, misali 3, 3 da 1, kuma kowace 3 tana da bektarta daban, rabon zai zauna a kan 3 ba wata matsala. Bektar da za a ƙare a kanta ce kawai ta dogara da inda aka fara. Ɗalibai biyu za su iya samun bektoci mabambanta, kuma dukansu sun yi daidai. Malamin da ke duba aikinsu sai ya bi da kowace ta cikin matiris, ya ga ko ta ninku sau uku.