Turken Awaki a Wani Ƙauyen Maraɗi

A wannan ƙauye na gabashin Maraɗi awaki na mata ne, kuma tun lokacin kaka ake gane wadda za ta sha nono da rani. Wadda ta ɗaure harawar wake da ta gyaɗa ta ɗora bisa rumfa tun ganyen bai kakkaɓe ba, ita ce za ta dama fura da nonon akuyarta a watan Afrilu, lokacin da daji ya zama ƙura.

Wata dattijuwa da kowa ke kira Inna tana da jajayen awaki irin na Maraɗi. Guda ta haifi tagwaye, ana tatsar kusan lita ɗaya a rana. Kullum Inna tana ba ta dusar gero kamar rabin kilo, a raba safe da yamma, da ɗan tunkuza, da harawa iya cinta. Yara kan tsinto mata 'ya'yan gawo, waɗanda ke zuba daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Ƙasarin da aka wanke tsaba ba a zubar da shi, ita ake ba, ga kuma kanwa tana lasa. Ranar da ruwa ya yi mata ƙaranci, washegari a ƙwarya ake gani.

Aikin Inna na gaske yana farawa ne idan bunsuru ya bi akuyar. Cikin akuya wata biyar ne, don haka da ya kai wata uku sai ta janye dusa na 'yan kwanaki, nono ya ragu, sannan ta daina tatsa ɗungurungum. Hantsa za ta cika ta yi nauyi, daga baya ta saki da kanta. In ta yi zafi ko tauri, ko akuyar tana harbi idan an taɓa, to ciwo ne, sai a nemi malamin dabbobi.

Wata amarya ta tambaye ta, "Inna, me zai sa a ciyar da wadda ba ta ba da komai?"

Inna ta kama hannunta ta ɗora a gadon bayan akuyar. "Shafa nan, 'yata. In ƙashi ya soki tafinki, nonon haihuwa mai zuwa ya riga ya tafi."

Gaskiyarta. A makonni shida na ƙarshe ne 'ya'yan ke yin yawancin girmansu, suna matse tumbin uwar har ba ta iya cin kara da yawa. Shi ya sa dusa ke dawowa a lokacin, tafi guda yau, a ƙara kaɗan bayan kwana biyu. Mai tagwayen da aka bari da karan dawa kawai takan ƙi ci, ta ware daga garke, ta kwanta ta kasa tashi. Wadda kuma aka zuba wa hatsi farat ɗaya don a rama, cikinta kan kumbura ta kama zawo, wani lokacin sai dai a kira mahauci.