Nawa Ke Isa Gida Daga Albashin Mai Aiki a Saudiyya?

Albashin da ejan ke faɗa wa mai neman aiki a Saudiyya ya sha bamban da kuɗin da ke shiga hannun iyalinsa a Kano ko Maraɗi. Abubuwa uku ne ke rage shi: kuɗin ejan, ɗawainiyar zama a can, da ladan tura kuɗi.

Kuɗin ejan shi ne mafi nauyi, domin ana biyansa tun kafin a tashi, galibi da bashi ko da kuɗin gonar da aka jinginar. Alhali dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci, da na iƙama, da tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi a wuyan mai ɗaukar aiki. Saboda haka ejan da ya nemi maƙudan kuɗi ba tare da rasit ba, ko ya kawo bizar Umara a madadin ta aiki, abin a guje masa ne.

Ɗawainiyar zama kuwa ta dogara da abin da kwantiragi ya ƙunsa. Wanda kafilinsa ya ba shi masauki da abinci ya fi wanda ake ba albashi mai tsoka amma yake biyan haya da kansa, ga kuma harajin kashi 15 cikin ɗari a kan yawancin kayan masarufi tun daga 2020.

Ladan turawa kashi biyu ne: wanda ake rubutawa a rasit, da wanda ke ɓoye cikin farashin canji. Ana gane na biyun ta hanyar kwatanta farashin kamfanin da na kasuwa a ranar. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa tura dala 200 zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cin kimanin kashi 8 cikin ɗari, mafi tsada a duniya.

A ƙaddara direba ne mai albashin riyal 1,500 a wata, wato dala 400, wanda ya ci bashin da ya kai riyal 6,000 ya biya ejan. Kafili ya ba shi ɗaki, amma abinci da waya da ƙananan buƙatu suna cinye 600, saura 900. Idan ladan turawa da giɓin canji suka ɗauke 50, riyal 850 ne ke isa gida. Kusan wata bakwai ke nan yana biyan bashi kawai. A kwantiragin shekara biyu, ragowar wata 17 za su ba shi riyal 14,450. In aka raba wannan a kan wata 24, ribarsa kimanin riyal 600 ce a wata, kashi 40 cikin ɗari na albashin da aka ambata masa.

Wannan 600 ɗin ya kamata ya auna da abin da yake iya ajiyewa a gida bayan ya ci ya sha. Idan bashin mai ruwa ne, ko kafili ya riƙe albashin wata biyu, adadin zai ƙara raguwa.